Na cire "kamar" daga waƙar Babana, yayana ya ce na ɓata shi

Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu ya rasu bara, ɗan kasuwa ne a Farin Gada. Na rubuta masa waƙa, na karanta a zamanmu na matasan marubuta. Wani babba a cikinmu ya ce "kamar" ta yi yawa, wai kamantawa aikin 'yan koyo ne, in mayar da su duka siffantawa. Na bi maganarsa. "Babanmu tsaye kamar dutsen Shere, iska ta bugo bai gusa ba" ya koma "Babanmu dutse ne". "Zuciyata ta yi shiru kamar kududdufin kuza" ya koma "Zuciyata kududdufin kuza ce". Akwai kuma "Da asuba kamar na ji tarinsa a zaure", wanda na rasa yadda zan yi da shi. Da yayana ya karanta sai ransa ya ɓaci, ya ce na mayar da Baba marar tausayi, har yanzu bai sake min fuska ba. Ga shi a Islamiyya an koya mana "wane zaki ne" tashbihi ne, a ajin Hausa kuma an ce siffantawa ne. Na rikice. Ta yaya zan bambance su, kuma wanne ya dace da waƙar?

Wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Yayanki ya karanta waƙar daidai, kuma ke ma ba ki yi nufin sharri ba. Abin da ya shiga tsakaninku kalma ɗaya ce da aka zare, tare da rabin layin da ke bin ta. Bari mu bi layin nan na dutse a hankali, domin duk amsar tambayarki tana cikinsa.

Ɗauki magana ɗaya ki faɗe ta sau huɗu, kowane karo kina rage wani abu. Da farko ki ce: Babanmu kamar dutse yake wajen tsayuwa a kan maganarsa. A nan komai yana fili. Ga Baba, ga dutse, ga kalmar da ta tsaya tsakaninsu, ga kuma dalilin da ya sa aka haɗa su, wato tsayuwa. Mai karatu yana ganin abu biyu a idon zuciyarsa, mutum a gefe, dutse a gefe, kuma kin nuna masa da yatsa inda zai duba. Ba zai duba sanyin dutse ba, ba zai duba kaifinsa ba, tunda kin riga kin ce tsayuwa.

Karo na biyu ki ce: Babanmu kamar dutse yake. Har yanzu hoto biyu ne, amma kin janye yatsan. Mai karatu ne zai nemo dalili da kansa. Duk da haka "kamar" tana riƙe masa linzami, tana gaya masa cewa a wani wuri kaɗai suka yi kama, ba ko'ina ba.

Karo na uku: Babanmu dutse ne. Yanzu babu mai tsayawa a tsakani. Hotunan biyu sun hau kan juna sun zama ɗaya, fuskar Baba ta koma dutse. Kuma dutsen ba ya zuwa shi kaɗai, yana zuwa da duk abin da Bahaushe ya saba jinginawa da shi. Mu kuwa idan muka ce zuciyar wane dutse ce, kin san abin da muke nufi: ba ya jin roƙo, ba ya tausayi, ko an yi kuka a gabansa ba ya motsi. Wannan ma'anar ta fi kusa da kunnen mai sauraro fiye da ta tsayuwa, saboda ita ake yawan faɗa a gida da kasuwa. Ita ta fara isa wurin yayanki, kuma babu wata kalma a layin da za ta tare ta.

Karo na huɗu ki cire Baba gaba ɗaya, ki ce: dutsenmu ya gusa a daren nan. Ba a ambaci mutum ba ko kaɗan. Mai karatu dutse kawai yake gani, sai daga baya ya gane wa ake nufi, gane ɗin nan kuma shi ke sa tsigar jiki ta tashi. Irin wannan ne muke yi idan babban mutum ya rasu aka ce bango ya faɗi. Babu mai tsayawa ya tambaya wane bango.

A nazarin waƙar Hausa, na farko da na biyu su ne kamantawa, na uku da na huɗu siffantawa. Masu balagar Larabci kuwa a wani wuri daban suka ja layinsu. A wurinsu muddin an ambaci ɓangarorin biyu, wanda ake kamantawa da wanda ake kamantawa da shi, to tashbihi ne, ko da an cire kalmar kamance da dalilinta. Shi ya sa suke kiran na ukun tashbihi baligi, wato kamancen da ya kai matuƙa. Sai an ɓoye ɓangare ɗaya, kamar a na huɗu, sannan su ce isti'ara. Don haka malamanki biyu duk gaskiya suka faɗa miki, kowa da ma'aunin fanninsa. A jarrabawar Hausa ki rubuta siffantawa, a ta balaga ki rubuta tashbihi baligi, hankalinki kwance.

Yanzu ki koma ga layinki na asali ki ga abin da kika yi hasara. Ba dutse kawai kika ce ba, dutsen Shere kika ce. Duk wanda ya tashi a Jos ya san shi, yana can gabas da gari, tsayinsa ya haura mita 1,800 daga doron teku, kullum aka ɗaga kai ana ganinsa, hazo ya rufe shi ya buɗe yana nan. Wannan ba dutsen da ake tuntuɓe da shi ba ne, dutse ne da mutum ke gane gabas da shi. Sannan kika ƙara da iska ta bugo bai gusa ba, wanda shi ne yatsan da na ambata. Da kika taƙaita, sunan Shere ya tafi, iska ta tafi, aka bar dutse tsirara. Ni a ganina layin farko ya fi, nesa ba kusa ba. Ki mayar da shi yadda yake, har da "kamar" ɗinsa.

Maganar cewa kamantawa ta 'yan koyo ce ban yarda da ita ba. Na fahimci inda ta samo asali. Mai koyo yakan jera "kamar wata, kamar tauraro, kamar zinariya" a baiti ɗaya, abubuwan da kunne ya gaji da ji, har mai sauraro ya daina ganin komai. Laifin a nan na gajiyayyen hoto ne. Idan ka mayar da "kamar wata" ya zama "ke wata ce", gajiyar tana nan inda take. Abin da kamantawa ke iyawa, wanda siffantawa ba ta iyawa, shi ne ta bar mutum a matsayinsa na mutum. A waƙar ta'aziyya wannan ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan gidanku suna son su ga Baba da hularsa da tafiyarsa, dutsen ya tsaya a bayansa. Ba sa son dutsen ya rufe shi.

Idan kuma ranki na son siffantawa a wannan gurbin, to ki zaɓi abin da kayan da yake ɗauke da su duk sun dace da shi. Kafin ki ce wane abu kaza ne, ki zauna ki tuno duk karin magana da kirari da zagin da Hausawa ke yi da wannan abin, domin mai karatu zai tuno su ko ba ki gayyace su ba. Misali, mutum dogo mai kwarjini, sai ki ji sha'awar ce masa giginya. Amma da kin faɗa, wani zai ƙarasa miki a ransa: inuwar giginya, na nesa ka sha. Kin ga kin ce yana kyautata wa bare yana barin na gida, alhali tsayi kika nufa. Da kin ce dogo kamar giginya, da ba a kai can ba. Bango kuwa kayansa masu kyau ne, jingina da sutura da kariya, shi ya sa maroƙa ke cewa bango madafar bayi. Haka gamji, itace mai faɗin inuwa da ƙarfin saiwa. Siffantawar ta zauna wa Sardauna Ahmadu Bello har ta zama suna, yau idan aka ce Gamji ba kowa ke tuna itacen ba.

Layinki na biyu labarinsa daban ne, kuma a nan ina ganin gyaran da aka sa ki ya buɗe miki ƙofa, sai dai ba ki ƙarasa shiga ba. Da kika ce zuciyata ta yi shiru kamar kududdufin kuza, kalmar "shiru" ta ɗaure hoton a wuri ɗaya. Mai karatu ya ga ruwa kwance ba motsi, shi ke nan. Amma kududdufin kuza ya fi haka. Ramukan nan da ke wajen Bukuru da Rayfield har zuwa Barikin Ladi ba Allah ne ya halicce su tafkuna ba. Haƙa aka yi tun zamanin Turawa, daga farkon ƙarni na 20, aka kwashe abin da ke da daraja aka tafi da shi, aka bar ramin, ruwa ya zo ya cika. Samansa lumui, ƙasansa zurfi, iyaye suna hana yara zuwa bakinsa. Ki duba kowane ɗaya daga cikin waɗannan ki gani ko akwai wanda bai dace da zuciyar wadda ta rasa uba ba. An ɗauke mai daraja. An bar gurbi. Ruwa ya cika shi. Mutane na ganin fuska a kwance, ba su san zurfin ba. A nan duk kayan da hoton ya ɗauko naki ne, saboda haka babu dalilin riƙe masa linzami. Siffantawa ta fi.

Sai dai ba za ki bar ta a layi ɗaya ba, domin ba kowa ne ɗan Jos ba. Mai karatu a Sakkwato ko Damagaram yana iya jin "kududdufin kuza" bai ga komai ba face ruwan da agwagi ke wanka a ciki. Kamantawa tana tafe da bayaninta, siffantawa kuwa ta dogara ne da abin da mai karatu ya riga ya sani, idan bai sani ba sai ta faɗi ƙasa. Maganin shi ne ki ja ta zuwa layi biyu ko uku, abin da manazarta ke kira doguwar siffantawa. Wani abu mai kama da haka:

Zuciyata kududdufin kuza ce,
An kwashe na ciki an bar ramin,
Ruwa ya cika, ana cewa ta kwanta.

Ban ba ki wannan don ki ɗauka ba, kari da amsa-amon waƙarki ke kika san su. Na kawo ne don ki ga yadda layi na biyu da na uku ba su fita daga bakin ramin ba. Wannan shi ne sharaɗin doguwar siffantawa: duk abin da ya biyo baya ya zama abin da zai iya faruwa ga hoton da kika kafa. Da a layi na uku kin ce ta bushe ta zubar da ganye, da hoton ya tsage, domin kududdufi ba shi da ganye, mai karatu zai rasa ko rami zai gani ko bishiya, daga ƙarshe ya ga babu. Hanyar gane wannan kuskure mai sauƙi ce. Ki ɗauki fensir ki gwada zana baitin a hoto guda. Idan sai kin buɗe shafi na biyu, to kin gauraya.

Layi na uku kuwa, na tarin Baba a zaure, kada ki taɓa shi. Dalilin da ya sa kika rasa yadda za ki juya shi shi ne ba kamantawa ba ne tun asali. "Kamar" tana da ayyuka da yawa a Hausa, ɗaya ne kawai daga ciki adon harshe. Idan aka ce kamar za a yi ruwa, zato ne. Idan aka ce kayan gwari kamar su kabeji da karas, lissafi ne. Idan aka ce tana da tsayi kamar yayarta, awo ne tsakanin mutum da mutum, babu wani sabon hoto da ya shigo. Naki na zato ne: kunne ya ji, hankali ya san babu. Kamantawa ta adon harshe tana bukatar abu biyu da ba jinsinsu ɗaya ba, mutum da dutse, zuciya da rami, kewa da hazo. A layin asuba abu ɗaya ne kawai, tari, da 'yar da ba ta tabbatar ba. Kuma zan gaya miki gaskiya, cikin ukun da kika aiko shi ya fi taɓa ni. Duk wanda ya taɓa farkawa cikin sanyin Disamba na Jos a gidan da aka yi rashi ya san wannan tarin.

Kamar yadda ganin "kamar" ba ya tabbatar da kamantawa, haka rashinta ba ya kore ta. Tamkar, awa, sai ka ce, kwatankwacin, duk aikinta suke yi, a tsofaffin waƙoƙi ma za ki tarar da "ya" ita kaɗai a wannan gurbi. Waɗannan su ne kamancen daidaito. Akwai na fifiko, inda za a ce maganarsa ta fi zuma zaƙi, ko haƙurinsa ya zarce na damo. Akwai na kasawa, inda za a ce sanyin hunturu bai kai na gidanmu ba tun da ya tafi. A nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa, su ga babu "kamar" su rubuta siffantawa. Ki duba da kyau: har yanzu abu biyu ne a tsaye, ana auna ɗaya da ɗaya, sai dai sikelin ya rinjaya gefe. Abin da hakan ke yi wa mai karatu kuma yana da daɗin lura. Sai ya fara ɗanɗana zumar a bakinsa, sannan a ce masa wuce nan.

Ita ma siffantawa ba kullum take zuwa da "ne" ko "ce" ba. Takan ɓuya a cikin haɗin suna biyu, kamar kogin hawaye ko rigar mutunci. Takan zo a kira kai tsaye, yadda makaɗi zai dubi sarki ya ce toron giwa, ba tare da ya ce kai ne ba. Wasu kuma sun tsufa a bakinmu har sun daina nuna hoto: bakin kogi, ƙafar tebur, idon sawu. Ba wanda ke ganin leɓe idan an ce bakin kogi. Irin waɗannan ba a lissafa su a matsayin adon mawaƙi, sai idan ya tashe su da gangan, ya ce bakin kogin ya buɗe ya haɗiye gonar.

To idan kika tarar da layi kina shakka, abin da nake yi shi ne in rufe ido in ƙirga abin da nake gani. Idan abu biyu ne kowanne da jikinsa, ana nuna min wurin da suka haɗu ko wanda ya fi wani, kamantawa ce. Idan abu ɗaya ne sanye da jikin wani, siffantawa ce. Idan kuwa abu ɗaya ne a jikinsa na kullum, to babu adon ko ɗaya, ko da "kamar" ta fito sau uku. Bayan haka ne nake duba kalmomin don in tabbatar.

Akwai wata ɓarna da cire kalmar nan ke yi wadda ba ta shafi ma'ana ba, ita ce ta kari. "Kamar" gaɓa biyu ce, mai sauƙi sannan mai nauyi. "Tamkar" kuwa duka biyun masu nauyi ne. Idan waƙarki tana da ma'aunin da kike rera ta da shi, zare ɗaya daga cikinsu zai bar gurbi a layin, za ki ji harshenki ya yi tuntuɓe a wurin. Saboda haka duk baitin da kika yi wa wancan gyara, ki sake rera shi da murya, ba karatun ido ba. Inda maimaicin "kamar" ya dami kunne da gaske, sau da yawa musanya ta da 'yar'uwarta mai nauyin da ya dace ya wadatar, ba sai an rushe hoton ba.

Ki bi sauran waƙar da wannan ido, kowace "kamar" ita kaɗai. Ki tambayi kanki, abin da na ɗauko ɗin nan, dukkansa nake so ko gefe ɗaya? Idan gefe ɗaya ne, ki bar "kamar" ki kuma faɗi gefen. Idan dukkansa ne, ki sake shi. Wataƙila cikin goma ki tarar biyu ko uku ne suka cancanci sakin, wasu kuma ki ga ba su da aikin yi sam, gara a maye gurbinsu da abin da Baba ya yi da hannunsa, irin fitar da yake yi kasuwa kafin gari ya waye.

Game da yayanki, kada ki je masa da bayanin kamantawa da siffantawa, ba shi yake bukata ba. Shi ma maraya ne kamar ke, kuma ya ji an taɓa masa uba. Ki same shi shi kaɗai, ki ce Yaya ka yi haƙuri, ka yi gaskiya, layin bai faɗi abin da ke raina ba, ga yadda na fara rubuta shi. Ki karanta masa na dutsen Shere da bakinki, sannan ki tambaye shi abin da ya gani. Idan ya ce ya ga Baba a tsaye, layin ya zauna. Daga nan ki roƙe shi ya ba ki abu ɗaya da yake tunawa da Baba wanda ke ba ki sani ba, tunda ya riga ki zama da shi, ki nema masa wuri a waƙar kafin ki kai wa Mama ta ji.